Barci Mai Nauyi a Na'urorin Auna Danshin Ƙasa: Lissafin Batir na Zangon Noman Rani Ɗaya a Yankin Rogo da Ƙaraye

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ƙaramin batir zai riƙe na'urar auna danshin ƙasa tsawon zangon noman rani ɗaya ba tare da an taɓa shi ba. An ɗauki misalin gonar ban ruwa a yankin Rogo da Ƙaraye, da ƙwaƙwalwar ESP32, da batirin ƙaramar wayar hannu. Abin da lissafin ya nuna shi ne, umarnin barci shi kaɗai ba ya wadatarwa. Abubuwa biyu ne ke yanke hukunci: wutar da allon gaba ɗayansa ke ja yayin da ƙwaƙwalwar ke barci, da tsawon daƙiƙun da na'urar ke yi a farke.

1.0 Gabatarwa

Ƙaramar hukumar Rogo tana yammacin Jihar Kano, tana maƙwabtaka da Ƙaraye, inda madatsar ruwa ta Challawa take tun da aka kammala ta a 1992. Noman rani a wannan yanki ya dogara ga ban ruwa, shi kuma ban ruwa da injin fetur kuɗi ne. Manomin da ya san cewa ƙasar fegin tumatirinsa ba ta bushe ba tukuna zai iya jinkirta tayar da inji da kwana ɗaya. Wannan shi ne aikin na'urar auna danshi: a soke ta a ƙasa, ta riƙa auna laima lokaci-lokaci, tana aikawa da sakamakon.

Matsalar ita ce babu wutar lantarki a tsakiyar fegi. Ana iya ɗora wa kowace na'ura farantin sola, amma farantin yana ƙara kuɗi, ƙurar hunturu tana rufe shi, sannan yana jan idon mai wucewa. Na'urar da ta fi dacewa ita ce wadda za a rufe a ƙaramin akwati da batirinta, a dasa ta a watan Nuwamba, a ɗauke ta a ƙarshen Maris. Kwana 150 ke nan. Idan ta mutu a sati na biyu ba tare da kowa ya lura ba, manomin da ya dogara da ita zai iya barin shukarsa ta yi yaushi yana jiran saƙon da ba zai zo ba.

2.0 Kasafin Wuta

Ana auna abin da batir ya ƙunsa da mAh, wato miliamfa nawa zai iya bayarwa na tsawon awa nawa. Batirin da ke cikin ƙananan wayoyi da rediyoyin caji, samfurin BL-5C, yana ɗauke da kusan 1000 mAh idan na kirki ne kuma sabo. Ba duka ne ake mora ba. Na'urar za ta daina aiki kafin batirin ya ƙare tas, kuma batirin da ya ɗan sha jiki ba ya kai abin da aka rubuta a bayansa. Saboda haka a wannan lissafi an ɗauki 800 mAh a matsayin abin da za a iya amfani da shi.

Kwana 150 awa 3600 ne. Idan aka raba 800 da 3600 za a samu 0.22 mA. Wannan adadi shi ne kasafin: matsakaiciyar wutar da na'urar za ta riƙa ja, dare da rana, ba za ta wuce 0.22 mA ba, wato kusan 5.3 mAh a kowace rana. Duk wani abin da za a tattauna a gaba, da wannan adadi za a gwada shi.

Ƙwaƙwalwar ESP32, wadda kamfanin Espressif na birnin Shanghai ya fitar a 2016, tana jan miliamfa gommai ko da rediyonta a kashe yake. Idan tana sauraron WiFi tana jan kusan 100 mA, idan tana aikawa kuwa takan kai 240 mA na ɗan ƙiftawar ido. Na'urar da aka bari a farke tana jan matsakaicin 80 mA za ta cinye batirin nan cikin awa 10. An dasa ta da hantsi, kafin sallar isha'i ta mutu.

Tunda danshin ƙasa ba ya sauyawa cikin daƙiƙu, babu dalilin zama a farke. Awo ɗaya a kowane minti 30 ya isa, har ya yi yawa ga wasu amfanin gona. Matsakaiciyar wuta a irin wannan tsari ana samun ta ne da wannan ƙa'ida:

```
I = (I_farke * t_farke + I_barci * t_barci) / (t_farke + t_barci)
awanni = mAh / I
```

Ƙa'idar tana da ɓangare biyu, na farke da na barci, kuma kowanne yana iya cinye kasafin shi kaɗai.

3.0 Abin da Ke Faruwa a Barci Mai Nauyi

ESP32 tana da matakan barci fiye da ɗaya. A barci mara nauyi, ƙwaƙwalwar tana tsayawa ne kawai, duk abin da ta riƙe yana nan, kuma idan ta farka tana ci gaba daga inda ta tsaya. Farashin wannan sauƙi kusan 0.8 mA ne, wanda ya ninka kasafin nan fiye da sau uku. A barci mai nauyi kuwa ana yanke wuta daga manyan sassan ƙwaƙwalwar, da babbar ma'ajiyar wucin gadi, da rediyo. Abin da ke saura ɗan ƙaramin sashe ne da ake kira RTC, mai ɗauke da agogo da 'yar ma'ajiya ta kilobayit 8. Takardar bayanan masana'anta ta ba da kusan 10 µA ga wannan yanayi. Maikroamfa, wadda ake rubutawa µA, kashi ɗaya ce cikin dubu na miliamfa, don haka 10 µA daidai take da 0.01 mA.

Abin da ya fi rikita masu koyo shi ne cewa farkawa daga barci mai nauyi ba ci gaba ba ne, sabon tashi ne. Manhajar tana farawa daga layin farko kamar yanzu aka sa batir. Saboda haka ake rubuta aikin gaba ɗaya a cikin setup(), a bar loop() fayau:

```cpp
#define WUTAR_SENSA 25
#define DANSHI 34
RTC_DATA_ATTR uint32_t farkawa = 0;

void setup() {
  farkawa++;
  pinMode(WUTAR_SENSA, OUTPUT);
  digitalWrite(WUTAR_SENSA, HIGH);
  delay(300);
  int awo = analogRead(DANSHI);
  digitalWrite(WUTAR_SENSA, LOW);
  aika(awo);
  esp_sleep_enable_timer_wakeup(1800ULL * 1000000ULL);
  esp_deep_sleep_start();
}
void loop() {}
```

A nan aika() suna ne na aikin tura saƙo, wanda mai gini zai rubuta gwargwadon rediyon da ya zaɓa. Alamar RTC_DATA_ATTR tana ajiye ƙidayar farkawa a cikin 'yar ma'ajiyar da ba ta barci, don haka adadin yana tsallake kowane barci. Idan aka cire batir, yana komawa sifili. Wannan ya sa ƙidayar ta zama shaida mai amfani: idan ana aika ta tare da kowane awo, sai aka ga ta koma 1 a tsakiyar zango, an san cewa wuta ta yanke wa na'urar ko ta faɗi ta sake tashi, ba farkawar agogo ba ce.

Haruffan ULL da ke jikin lambobin suna da dalili. Ana ba da tsawon barci ne da maikrosakan. Idan aka rubuta lambobin haka kawai, za a ninka su a ma'ajin lamba mai bit 32, wanda iyakarsa 2,147,483,647, wato ƙasa kaɗan da minti 36. Barcin minti 30 zai yi aiki lafiya. Ranar da aka mayar da shi awa ɗaya, lissafin zai tumbatsa ya ba da adadin banza, na'urar ta yi barcin da ba ta farkawa a kan lokaci. Kuskure ne mai wuyar ganewa domin manhajar ta yi aiki jiya, kuma lamba ɗaya kawai aka canza.

An zaɓi ƙafa ta 34 don awo ne saboda tana cikin rukunin ADC1. Ƙafafun rukunin ADC2 ba sa karantuwa yadda ya kamata idan WiFi yana kunne.

4.0 Ƙwaƙwalwa Tana Barci, Allo Yana Shan Wuta

Adadin 10 µA na ƙwaƙwalwar ne ita kaɗai. Abin da ɗalibi ke saya a kasuwa allon gwaji ne, wanda aka tsara domin a jona shi da kwamfuta a kan tebur, inda babu wanda ya damu da miliamfa biyar. A kansa akwai kayan da umarnin barci bai shafe su ba.

Na farko shi ne regileta, wadda ke rage ƙarfin wuta zuwa bolt 3.3. Yawancin alluna masu araha suna ɗauke da AMS1117, wadda ke shan kusan 5 mA don aikin kanta, ko ana jan wuta ta cikinta ko ba a ja. Wannan ya ninka barcin ƙwaƙwalwar sau 500. Tana da wani aibin kuma: tana buƙatar wutar da ke shigar mata ta ɗara wadda take fitarwa da kusan bolt ɗaya. Batirin waya yana farawa daga bolt 4.2 a cike, ya daɗe a kusa da 3.7. Daga 3.7, abin da wannan regileta za ta fitar bai kai bolt 3 ba. Na'urar za ta fara faɗuwa alhali batirin na da fiye da rabin cajinsa.

Na biyu shi ne sensar danshi kanta. Samfurin da ya fi yawa, mai kama da ƙaramar wuƙa baƙa, yana jan kusan 5 mA muddin yana jone da wuta. Na uku, 'yar jar fitilar da ke nuna akwai wuta, tare da cif ɗin da ke haɗa allon da USB. A wannan lissafi an ba su 2 mA su biyun, ko da yake abin ya bambanta daga allo zuwa allo. Na huɗu, rezistoci biyu da ake jerawa don raba ƙarfin batir gida biyu a auna shi. Idan kowacce om dubu 10 ce, a bolt 3.7 suna zubar da 185 µA ba dare ba rana. Su kaɗai sun kusa cinye kasafin 220 µA.

Jimillar waɗannan ta kai kusan 12.2 mA. A ɗauka cewa a kowace farkawa na'urar tana neman WiFi, tana yin daƙiƙa 5 a farke da matsakaicin 120 mA. Ninka biyun ya ba da 600, a raba da daƙiƙa 1800 na minti 30, an samu 0.33 mA. Matsakaiciyar wuta ta zama kusan 12.5 mA, batirin kuma zai yi awa 64. Bai cika kwana uku ba. Manhajar ba ta da laifi ko ɗaya, ƙwaƙwalwar tana barci kamar yadda aka umarce ta, amma abin da aka samu shi ne tsallakawa daga awa 10 zuwa awa 64, alhali ana neman 3600.

Gyaran na hannu ne. Sensar ta fi sauƙi: maimakon a jona wayar wutarta da layin 3.3, sai a jona ta da ƙafar ƙwaƙwalwa, kamar yadda aka yi da ƙafa ta 25 a manhajar da ta gabata. Ƙafa ɗaya tana iya ba da 5 mA ba tare da wahala ba. Ana kunna ta, a jira awon ya daidaita, a karanta, a kashe. Jiran nan na milisakan 300 mafari ne kawai. Ya kamata a karanta sensar sau da yawa a jere bayan kunnawa, a ga lokacin da adadin ya daina hawa ko sauka, sannan a tsayar da jiran a kansa. Idan kayan da ake kunnawa ya fi ƙarfin ƙafa ɗaya, ana sa taranzista a tsakani, kuma a nan dole ne a kulle ƙafar da gpio_hold_en() kafin barci, domin ƙafar da aka sake tana iya lilo ta bar taranzistan rabi a kunne.

Fitila ana cire ta da ƙarfen sodar. Rezistocin awon batir ana maye su da masu om miliyan ɗaya kowacce, waɗanda ke zubar da ƙasa da 2 µA, sai a ƙara ƙaramar kafasita ta 100 nF a mahaɗarsu don awon ya tsaya. Regileta da cif ɗin USB kuwa, maganinsu na gaskiya shi ne barin allon gwajin a kan tebur, a gina na'urar gona da tsurar ESP32-WROOM-32 da regileta mai ƙarancin ci. MCP1700 tana shan ƙasa da 2 µA, HT7333 kusan 4 µA, kuma dukansu suna aiki ko da batir ya sauko kusa da 3.5. Sai dai iyakar kowaccensu 250 mA ce, alhali masana'anta ta ba da shawarar a tanadar wa ESP32 tushen da zai iya ba da 500 mA. Ana cike giɓin da babbar kafasita, kamar 470 µF, kusa da ƙafar wutar ƙwaƙwalwa, don ta tallafa a lokacin da rediyo ya fizgi wuta. Ita ma kafasitar, idan mara kyau ce, tana yoyon wasu maikroamfa, saboda haka a auna barcin kafin a sa ta da bayan an sa.

Akwai hanyar da ke kawar da regileta ɗungurungum: batirin LiFePO4, wanda ke zama a kusa da bolt 3.2, kuma cikarsa kusan 3.6 ce, daidai da abin da ESP32 ke karɓa kai tsaye. Hanya ce mai kyau ga wanda ya samu batirin da cajarsa. Batirin waya kuwa ba a jona shi kai tsaye, domin bolt 4.2 ya wuce iyakar ƙwaƙwalwar.

Bayan wannan aiki, barci na 20 µA abu ne da ake iya samu: 10 na ƙwaƙwalwa, 4 na regileta, 2 na rezistoci, sauran kuma yoyon nan da can. An sauko daga 12,200 zuwa 20.

5.0 Daƙiƙun Farke

Yanzu lissafin ya juya. Barci 0.02 mA, farke 0.33 mA, jimilla 0.35 mA. Batirin zai yi kusan kwana 94. Ci gaba ne babba, amma na'urar da aka dasa a farkon Nuwamba za ta mutu a farkon Fabrairu, kafin zafin da ya fi sa ƙasa saurin bushewa ya iso. A wannan mataki, ɓata lokaci ne a ci gaba da fafutukar rage barcin daga 20 µA zuwa 12. Daƙiƙu biyar na farke sun fi minti talatin na barci tsada fiye da sau goma sha shida.

Yawancin daƙiƙun nan biyar ba a awo suke tafiya ba. Suna tafiya ne a neman na'urar WiFi, da gaisawar tsaro, da roƙon adireshi. A gonar Rogo ma tambayar farko ita ce, WiFi na wa? Tsarin da ya fi dacewa shi ne a ajiye na'ura uwa guda ɗaya a bukkar gona ko a gidan da ke kusa, mai sola da babban batir da layin waya, ita ce ba ta barci. Ƙananan na'urorin da ke cikin fegi sai su riƙa jefa mata saƙo ta ESP-NOW, wata hanya ta kamfanin Espressif da ke aika har bayit 250 kai tsaye daga wata ESP32 zuwa wata, ba tare da shiga wata hanyar sadarwa ba. Awon danshi, da ƙarfin batir, da ƙidayar farkawa ba su kai bayit 20 ba. Idan tazarar ta kai kilomita, rediyon LoRa ne ke maye gurbin, amma tsarin lissafin bai canza ba. Abin da bai dace ba shi ne ɗora wa kowace ƙaramar na'ura layin waya: samfurin SIM800L yana fizgar har amfa 2 a lokacin aikawa, kuma yana ɗaukar daƙiƙu da yawa kafin ya kama sabis.

Da ESP-NOW, farkawa gaba ɗaya, daga tashi zuwa awo zuwa aikawa, tana iya ƙarewa cikin daƙiƙa ɗaya da matsakaicin 80 mA. Raba 80 da 1800 ya ba da 0.044 mA. A haɗa da barci, 0.064 mA. A takarda wannan kwana 520 ne.

Takarda ta yi alƙawarin da batir ba zai cika ba, domin batir yana zubar da cajinsa ko ba a jona shi da komai ba. Ga irin batirin waya, asarar takan kai kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari a wata, kuma tana ƙaruwa da zafi. Kashi 3 na 1000 mAh shi ne 30 mAh a wata, daidai da jan 0.042 mA kullum, wato ninki biyu na barcin na'urar gaba ɗaya. Da wannan, jimilla ta zama 0.106 mA, batirin kuma zai yi kusan kwana 314. Rabin kasafin ke nan. Ragowar rabin ita ce tanadin da zai shanye zafin Maris, da tsufan batir, da saƙonnin da za a sake aikawa.

Wanda ya nace sai WiFi yana iya mayar da farkawar awa-awa. Lissafin zai ba da 0.167 na farke, 0.02 na barci, 0.042 na zubar batir, jimilla 0.229 mA. Ya ɗara kasafin da ɗan kaɗan, kuma babu tanadi ko na kwana ɗaya. Abin da ya fi shi ne a raba awo da aikawa: a farka duk minti 30 a auna da rediyo a kashe, a tara sakamakon a ma'ajiyar RTC, a kunna WiFi sau huɗu kawai a rana.

Haɗari mafi girma a ɓangaren farke ba ya bayyana a ranar da komai ke tafiya daidai. Misalan manhaja da yawa suna jiran WiFi da layi irin wannan:

```cpp
while (WiFi.status() != WL_CONNECTED) delay(500);
```

Daren da batirin na'ura uwa ya ƙare, ko aka ɗauke wayar da ke raba intanet, ƙaramar na'urar za ta tsaya a wannan layi tana jira, tana jan 120 mA. Kafin awa bakwai ta shanye batirin da aka yi wa lissafin wata biyar. Dole ne kowane jira ya zama yana da iyaka, bayan ta na'urar ta koma barci ko ta samu ko ba ta samu ba. Iyakar ma tana da tsada: daƙiƙa 10 na nema a banza a kowace farkawa daidai suke da 0.67 mA, wato 16 mAh a rana, cin kwana uku a kwana ɗaya. Saboda haka ake ajiye ƙidayar gazawa a ma'ajiyar RTC. Idan an gaza sau uku a jere, sai a riƙa gwada aikawa duk awa biyu, ana ci gaba da awo da tarawa. ESP-NOW tana da nata tarkon ta ɗaya gefen: idan aka kira barci nan take bayan umarnin aikawa, rediyo yana iya mutuwa kafin saƙon ya fita. Ana jiran sanarwar cewa an aika, ita ma da iyakar lokaci.

6.0 Awo da Gane Laifi

Duk adadin da ke sama na misali ne har sai mita ta tabbatar da shi. Ana cire kebul ɗin USB, a yanke wayar batir ɗaya, a sa mita a tsakani. A nan akwai cikas. A ma'aunin µA, mita tana da juriya babba a cikinta, don haka idan ESP32 ta tashi ta ja wuta mai yawa, ƙarfin wutar zai faɗi, ƙwaƙwalwar ta sake tashi, ta sake faɗuwa, ba ta kai ga barci. Dabarar ita ce a haɗa bakunan mitar biyu da guntuwar waya yayin da na'urar ke tashi, a jira ta yi barci, sannan a zare wayar a karanta. Kafin lokacin farkawa a mayar da ita. Domin ganin siffar farkawar kanta, daƙiƙa nawa da miliamfa nawa, ana buƙatar na'ura irin Power Profiler Kit II ta kamfanin Nordic, wadda ya kamata ɗakin gwaji na sashe ya mallaka ko da guda ɗaya.

Adadin da mita ta nuna yakan faɗi sunan mai laifi. Idan ya kai miliamfa gommai, na'urar ba ta yi barci ba sam, ta maƙale a wani jira. Kusan 5 mA yana nuni ga regileta ko sensar da aka manta a kunne. Kusan 330 µA shi ne bolt 3.3 a kan rezista mai om dubu 10, wato wata rezistar ɗaga layi da aka bar ƙarshenta a ƙasa. Adadin da ke yawo sama da ƙasa idan aka kusantar da hannu alama ce ta ƙafar da ke lilo. Saƙon Brownout detector was triggered a allon kwamfuta kuwa yana nufin wuta ta faɗi a lokacin da rediyo ya fizga: ko batir ya yi rauni, ko wayoyin sun yi siriri da tsawo, ko kafasita ta yi kaɗan.

Batirin ajiya na cajin waya ba ya dacewa da wannan aiki. Yawancinsu suna kashe kansu idan abin da ake ja ya yi ƙanƙanta, don haka da zarar na'urar ta yi barci sai su ɗauka an zare ta. Haka kuma rubutun jikin batir ba hujja ba ne. Batirin 18650 na gaskiya ba ya wuce kusan 3500 mAh, don haka wanda aka rubuta wa 9900 ya riga ya tona asirin kansa. Kafin a dasa na'ura, a cika batirin, a sauke shi da sanannen ja, a ƙirga awannin.

7.0 Zafi da Agogo

A watannin Maris da Afrilu zafin rana a Jihar Kano yakan kai digiri 40, cikin rufaffen akwatin roba da rana ke duka kuwa ya fi haka. Zafi yana hanzarta zubar batir da tsufansa, musamman idan a cike yake. Farin akwati, da 'yar rumfar kara a samansa, sun fi kowane gyaran manhaja tasiri a nan.

Agogon da ke tayar da ESP32 daga barci shi ma yana jin zafi. Idan ba a canza ba, yana dogara ne da wani makaɗi na cikin cif mai bugun kusan 150 kHz, wanda saurinsa ke sauyawa tsakanin sanyin asubar hunturu da zafin azahar. Barcin minti 30 yana iya ƙaruwa ko raguwa da daƙiƙu da yawa, kuma kuskuren yana taruwa kwana bayan kwana. Ga awon danshi wannan ba damuwa ba ce, muddin na'ura uwa ce ke buga lokaci a kan kowane saƙo idan ya iso. Yana zama damuwa ne idan aka so na'urori biyu masu barci su farka tare su yi magana. A nan sai an ƙara kiristal na waje mai 32.768 kHz a ƙafafu na 32 da 33.

Ƙarfin batir da ake aikowa tare da awo ba ya sauka a miƙe. Yana faɗowa da sauri daga 4.2, ya daɗe tsakanin 3.9 da 3.6, sannan ya gangara da sauri. Batirin da ke nuna 3.7 wata biyu a jere ba tsayawa ya yi ba. Ya kamata manhajar ta aika gargaɗi idan ya sauko 3.5, tun da sauran lokacin da za a je fegi a canza shi. Idan ya kai 3.3, sai ta aika saƙon ƙarshe ta kira esp_deep_sleep_start() ba tare da saita agogon farkawa ba. Daga nan ba za ta ƙara tashi ba sai an sa mata sabon batir, kuma 20 µA da take ja za ta ba tsohon batirin makonni kafin ya faɗi ƙasa da bolt 2.5, inda irin wannan batir yake fara lalacewa.